Me za mu kira 'yan fuskokin nan da ake liƙa wa hirar masoya?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ina rubuta wani labari, na zo wajen da saurayi ya yi alƙawarin zuwa zance ranar Juma'a bai zo ba, bai kuma kira ba. Da daddare yarinyar ta rubuta masa "Ka kyauta", ta liƙa 🙂 a ƙarshe. Shi kuma da ya gani sai cikinsa ya ɗuri ruwa. A nan na tsaya, don ban san yadda zan kira abin da ta liƙa ba. In na rubuta "ta haɗa masa da imoji" sai in ji kamar na zuba yashi a tuwo. Haka sitika da boyis, duk suna cikin labarin. Akwai sunayen da za su zauna a bakin Bahaushe ba tare da an yi musu dole ba?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Anti. Ai mai sauƙi ne. Imoji daga kalmar Turanci ta motsin rai aka samo shi, don haka a ce alamar motsin rai, shi ke nan.

Malam Na Tsangaya: Ɗan Fagge, ka kusa amma ba ka kai ba. Kalmar ta Japananci ce, ba ta Turanci ba. A yarensu "e" hoto ne, "moji" kuma harafi, wato harafin hoto. Kamar da ta yi da kalmar Turancin haɗuwar hanya ce kawai. Wani ɗan Japan mai suna Shigetaka Kurita ya zana guda 176 a 1999 don wayoyin kamfanin da yake wa aiki, kuma a cikinsu akwai rana da laima da mota da jirgin ƙasa. Wane motsin rai ne a laima? Sannan "alamar motsin rai" ta yi tsawo. Gwada ta a jimlar Hajiya: ta haɗa masa da alamar motsin rai. Ka ji kamar ana karanta labaran ƙarfe shida.

Ɗan Fagge: To na karɓi gyara, Allah ya gafarta Malam. Amma harafin hoto ma ai ba wanda zai faɗa.

Malam Na Tsangaya: Ban ce a faɗa ba. Ni a ganina a bar asalin kalmar, a dubi aikin da abin yake yi, kuma misalin Hajiya ya isa. "Ka kyauta" a baki kala biyu ce. In an faɗe ta da sakin fuska, godiya ce. In an ja ta, an ɗan kau da kai, gatse ne, kuma ko yaro ya san bambancin. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, balle fuska. Don haka kalmomin biyu suna isa wayar saurayin tsirara, sai abin da aka liƙa musu ya tufatar da su. Ka kyauta 🥰 godiya ce har da shauƙi. Ka kyauta 😒 faɗa ne a fili, ya san laifinsa, ya fara ba da haƙuri. Ka kyauta 😂 ta ji haushi amma ta buɗe masa ƙofa, in ya iya zolaya ya tsira. Wanda ta zaɓa a labarin, 🙂, shi ne mafi haɗari, don murmushi ne da bai kai ido ba, irin na wadda ta gama yanke hukunci. Abin da 'yan mata ke yi a zaure kenan tun kafin waya: harara, fari da ido, murguɗa baki, rufe fuska da gyale. Muna da kalmar da ta tara saƙon da ake isarwa ba da baki ba, ita ce inkiya. Ni inkiya zan ce.

Ƴar Damagaram: Malam, inkiya ta yi daɗi amma ina da ja. A wajenmu in aka ce inkiya, abin da ke fara zuwa rai shi ne sunan da ake sakaya mutum da shi, ko wata alama da mutum biyu suka ƙulla don kada na uku ya gane. Wannan kuwa kowa na gani, kowa na ganewa. Mu dai "ƴar fuska" muke cewa ni da ƙawayena. Ya turo mini ƴar fuska mai kashe ido. Ta zauna daram, kuma tana da jam'i, ƴan fuskoki.

Ɗan Fagge: To ❤️ fa, 'yar'uwa? Ko 🌹? Su ma fuska ce?

Ƴar Damagaram: Waɗannan ai suna da sunansu. Ya turo mini zuciya, ya turo mini fure. Ba wanda ya taɓa tambayata me nake nufi.

Maman Ilham: Wannan gaskiya ne. Na duba hirarrakina yanzu, ashe ni ma haka nake yi, "mai dariya da hawaye", "birin nan mai rufe ido". Ba na kiran sunan jinsin sai in dole.

Baban Sadik: Ni dai shawarata yara su ji tsoron Allah. Wannan tura zuciyoyi da tsakar dare ba tarbiyya ba ce. In kana son yarinya ka turo magabatanka.

Maman Ilham: Baba, Allah ya ƙara girma, suna muke nema ba fatawa ba. Kuma a labarin an riga an kai kuɗin gaisuwa.

Baban Sadik: To madalla. In haka ne ku ce zane.

Auta: Ku bari in ba ku nawa, don ni abin ya ci ni. Wadda zan aura ta zauna ta rubuto mini saƙo mai tsawo ranar da na dawo daga tafiya, har da cewa gari ya yi mata faɗi da ba na nan. Ina kan babur a lokacin, na tsaya a gefen titi, na ga ba zan iya rubutu ba, sai na danna 👍 na ci gaba da tafiya. A raina na ce mata na gani, na ji daɗi. Kwana biyu ba ta ɗaga wayata ba. Da ƙanwarta ta shiga tsakani, sai aka ce mini wai babban yatsa shi ake tura wa mai kawo gas in ya ce ya iso. Abin da ya gyara maganar boyis ne na daƙiƙa 40. Ban ma faɗi wani abin kirki ba, na yi ta in'ina, amma ta ce da ta ji muryata ta san ban yi da gangan ba. Don haka ni ko me za ku kira imoji, boyis ya fi shi daraja, ku fara ba shi suna.

Malam Na Tsangaya: Auta, wannan an riga an gama da shi, saƙon murya. Kafofin labarai na Hausa suna amfani da shi, kuma ba ya buƙatar bayani. Abin da ya faru da kai kuwa yana da dalili. Imoji zaɓe ne daga abin da aka riga aka zana wa kowa, dannawa ɗaya, ba ya cin komai. Saƙon murya yana cin lokaci, yana cin kunya, kuma ba a iya ɓoye rawar murya a cikinsa. Shi ya sa yake ƙarfafa magana fiye da komai. Da shi ake shagwaɓa, da shi ake lallashi. "Ni dai ka ƙyale ni" a rubuce kora ce, amma in ta faɗe ta tana jan "ni dai" ɗin, kira ne. Illarsa ita ce ana iya tura shi gaba, kuma murya ba ta musantuwa kamar rubutu. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, sai a ƙarshen 2023 ya ƙara wanda ake saurara sau ɗaya ya ɓace, kuma ko shi wata wayar na iya ɗauka in an kunna a fili.

Ƴar Damagaram: Mu nan bokal muke cewa, daga Faransanci. Ta yi mini bokal. Amma in rubutu ne na yarda da saƙon murya, don ɗan Kano ba zai gane bokal ba, mu ma boyis sai wanda ya saba da ku. Kakata kuwa cewa take kaset. Wai lokacin da kakanmu ke ci-rani, magana yake ɗauka a kaset ya ba direba ya kawo, a taru a saurara. Ta ce bambancin kawai namu ba a taruwa.

Auta: Ana taruwa mana, ƙawaye biyar ke sauraron nawa kafin a ba ni amsa.

Ɗan Fagge: Kuma wallahi in ta sa maka shi a gudun 2x duk lallashin ya koma muryar ɗan tsako. Saura sitika. Ni na ce manne, ko liƙau.

Maman Ilham: Liƙau ya ba ni dariya, amma kamar sunan mutumin da ba ya barin gidan mutane. Sitika ai ta daɗe da zama Bahaushiya. Tun kafin WhatsApp ya kawo tasa a 2018 muna da sitika a bayan mota da jikin adaidaita sahu, tana da jinsi, tana da jam'i, sitikoki. Ba zan taɓa ta ba. Abin da na lura dai aikinta daban ne da na 'yar fuska. 'Yar fuska tana bin jimla ne ta gyara mata zama. Sitika ita kaɗai take zuwa, a madadin jimlar gaba ɗaya, kuma yawanci fuskar wani ce, ɗan wasan Kannywood yana zare ido, ko jariri ya turo baki, da rubutu a ƙasa irin "Allah ko?" Yarinyar da kunya ba za ta bar ta ta rubuta "ina kishi" ba, sai ta tura jaririn. In saurayin ya ɗauka da zafi ta ce wasa take, ai sitika ce. Kamar ɗan aike ne, in magana ta yi daɗi taka ce, in ta ɓaci a ce yaro ne bai iya faɗa ba.

Malam Na Tsangaya: To kin ga a nan ma inkiyata ta fi dacewa da sitika, tunda sakayawa ake yi.

Ƴar Damagaram: Malam bai haƙura ba.

Malam Na Tsangaya: Ban haƙura ba, ɗiyata. 'Yar fuska ba ta ɗauki 🙏 ba, ba ta ɗauki 🔥 ba, kuma ranar da Hajiya za ta rubuta "ba ya sa ko ɗaya a hirarsa" dole ta nemi sunan da ya game su duka.

Ɗan Fagge: Ranar sai ta ce imoji. Mun karɓi mota da rediyo da fanka, ba mu mutu ba. Matsalar kawai jam'i. Imojoji? Imojai?

Auta: Imojoji kamar ciwon fata.

Maman Ilham: Na gode muku. Ga yadda na rubuta wajen yanzu: "Ta rubuta masa, Ka kyauta, ta liƙa 'yar fuskar nan mai murmushin da bai kai ido ba. Ya daɗe yana kallonta, ya fara rubutu ya goge, sannan ya danna ya fara ɗaukar saƙon murya." Malam, na ari murmushinka, inkiya kuma na ajiye ta, akwai wajen da uwar yarinyar za ta karɓi wayar ta kasa gane me 🙈 ke nufi, zan gwada ta a can in ji ko ta zauna.

Baban Sadik: Ni ma ban san me birin ke nufi ba. Wani ya faɗa mini, don ƙaramar ɗiyata ta turo mini shi jiya da na tambaye ta wane ne yaron da ke tsayawa a ƙofar gida.