Wace kalma za mu ba vega da Hausa?

Ƙaramin Alhaji: Salam jama'a. Ina so in yi wa ƙanena bayanin `vega` da ake gani a allon ofshin, wato yarjejeniyar damar saye ko sayar da hannun jari a kan tsayayyen farashi, amma na rasa kalma, ya sayi kol, wato damar saye, hannun jarin ya tashi kamar yadda ya hango, duk da haka kuɗinsa suka ragu, shi kuma ya dage wai an cuce shi ne.

Gimbiya: Ai lokaci ne ya cinye kuɗin, ka ce masa zaizayewa kawai.

Baba Akanta: A'a ƙanwata, wannan `theta` kike nufi, kuma a kwana ɗaya ba ta cin da yawa. Bari in ba ku lissafi. Hannun jari yana 100, ka sayi damar saye a 100, saura kwana 30, `IV`, wato yawan motsin farashi da kasuwa ke zato, yana 60 don ana jiran kamfani ya fitar da rahoton riba. Kuɗin ofshin ɗin wajen 6.9 ne, delta 0.53, wato abin da ofshin ke ƙaruwa in hannun jari ya hau da 1, vega kuma 0.115, wato duk maki ɗaya da `IV` ya sauka ka rasa 0.115. To rahoto ya fito, farashi ya hau 103, delta ta ba ka wajen 1.6, madalla, amma jira ya ƙare sai `IV` ya faɗo 35, maki 25 kenan, ka ninka da 0.115 kusan 2.9 sun tafi. Ofshin ya dawo wajen 5.7. Ka canki hanya daidai amma motsin bai kai wanda ka biya kuɗinsa ba.

Na-Allah: To ku ce kuɗin fargaba mana, tsoro ya tafi kuɗi ya bi shi.

Baba Akanta: Ka kusa, sai dai abu biyu ne ka haɗa. `IV` shi ne girgizar da kasuwa ke zato, ko sama ko ƙasa, ba tsoron faɗuwa kaɗai ba, shi ya sa mai riƙe da fut, wato damar sayarwa, ma haka take samunsa. Ni zan ce masa zaton girgiza. Vega kuwa awo ne na yadda farashin ofshin ke bin wannan zaton, don haka awon girgiza.

Gimbiya: Amma Baba awon girgiza zai sa mutum ya ɗauka girgizar ake aunawa, alhali kai ka ce ofshin ɗin ake aunawa. Me zai hana jin-girgiza? Wanda ranar ƙarewarsa ke nesa ya fi jinta ko?

Baba Akanta: Haka ne, da wanda farashin yarjejeniyarsa ke dab da na kasuwa. Jin-girgiza bai yi muni ba wallahi.

Na-Allah: Ni dai bega zan ci gaba da cewa, delta ma wa ya fassara ta.

Ƙaramin Alhaji: Zaton girgiza dai na ɗauka. Ɗayan zan gwada duka biyun a kan yaron in ga wadda ta shiga kansa.