Proje ya ƙare, an ce in rubuta abin da ya canza

Ɗan Tibiri: Salamu alaikum jama'a. Mun gama wani ɗan proje na ajiyar wake da mata 60 a ƙauyuka uku wajen Tibiri, buhun nan mai leda biyu ciki da buhu ɗaya waje muka raba musu, to yanzu masu ba da kuɗin sun ce in rubuto shafi biyu, matsalar da muka tarar, abin da muka yi, da sakamakon da ake iya aunawa. Na ukun nan ne ya tsaya mini. Wanda ya taɓa yi ya taimaka don Allah

Hajiya ta Madarunfa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni lokacin namu hoto na sa, da maganar mace guda da ta ce da kuɗin wake ta sayi akuya, kuma sun yi murna sosai. Mutane labarin mutum suke tunawa ba lamba ba

Baba mai ritaya: Hajiya maganarki akwai gaskiya amma akuya guda ba ta isa shaida. Ɗana, kafin ku raba buhun kun auna wani abu? Nan ne tushen. Ni da nike aikin gona wajen Agiye ga yadda muke yi, a ɗebo ƙwayar wake 100 daga tsakiyar buhu a ƙirga masu huda, ranar ɗaurewa, kuma a sake ranar buɗewa bayan wata biyar ko shida. Matsalarka kar ka rubuta "ƙwari suna ɓata wake", kowa ya san wannan, rubuta cikin ƙwaya 100 nawa suka huje, a wane ƙauye, wane wata.

Ɗan Tibiri: Baba ranar buɗewa an ƙirga, wajen 3 zuwa 5 cikin 100. Na farkon ne babu, proje bai tanadi haka ba. Amma ina da farashi, tiya 600 da kaka, watan Afrilu sun saida 1000, buhu tiya 40, kenan jika 16 riba ko?

Baba mai ritaya: A'a, kar ka sa jika 16. Wake tashi yake kowace shekara daga kaka zuwa bazara, da projenku ko babu. Nemi maƙwabtansu da suka ajiye cikin buhun gargajiya, ƙauye guda, wata guda, nawa suka saida? In nasu mai huda ya tafi 700, to bambancin da buhunku ya kawo 300 ne a tiya, sau 40 jika 12, ka cire kuɗin buhun. Wannan ita ce lambarka, ta fi ƙanƙanta amma ba mai iya kayar da ita. Kuma ka ƙirga hudar nasu in akwai saura, sai ta tsaya maka madadin awon farko, sai dai ka rubuta fili cewa haka ka yi.

Kontabul: Ni dai shawarata ka haɗa resi duka da takardar sa hannun waɗanda suka amshi buhu, mu an taɓa maido mana rahoto saboda resi biyu kawai

Ɗan Tibiri: Yallaɓai wancan na kuɗi ne, an riga an miƙa shi. Wanga na aikin ne

Animatris daga Tasawa: Abin da ba a faɗa ba, wajen "abin da muka yi" kar ka rubuta mun wayar da kai mun yi formasiyo shikenan. Faɗi a jere, an shanya wake ya bushe ƙayau, an duba leda ba huda, an matse iska, kowace leda an ɗaure ta daban, an aza buhu bisa katako nesa da bango saboda kusu. Wani in ya karanta ya iya maimaitawa. Kuma mata nawa suka kai Afrilu ba su buɗe ba? mu cikin namu da yawa sun saida tun Disamba don rashin lafiya ko biki, kuma in an yi ta buɗewa iska na shiga ƙwaro ya farfaɗo

Ɗan Tibiri: 41 suka kai. 14 sun saida da wuri, 5 kusu ya huda musu

Baba mai ritaya: To rubuta 41 cikin 60, jika 12 ɗin nasu ne su kaɗai, kar ka ninka da 60. Biyar ɗin ma a sa su da dalili.

Hajiya ta Madarunfa: Baba ni nan ban yarda ba wallahi, ka sa kusu cikin shafi biyu kaɗai, su can ba su san ƙauye ba, gani za su yi aiki ya lalace su hana kashi na biyu, kuma matan ne za su yi asara

Animatris daga Tasawa: Hajiya ni na taɓa sa irin haka kuma sai suka ƙara kuɗin katako, amma ban ce kowa haka yake ba. Ɗan'uwa 14 ɗin nan ka koma ka tambaye su nawa suka saida tiya, ana buƙatarta ita ma