Neman shawara: gajeren labari mai wurare shida, minti ashirin da tabarma biyu

Malamar Hausa mai tambaya: Assalamu alaikum. An ɗora mini shirya ɗalibaina gasar wasan kwaikwayo ta makarantun sakandare, kuma na zaɓi wani gajeren labari da ɗalibata ta rubuta. Hanne ce aka aika da kuɗin adashin mahaifiyarta, a hanya ta ba ƙawarta domin a saya wa ƙanen ƙawar magani, ta koma gida ta ce sun faɗi, zargi ya faɗa kan almajirin da ke yi musu ɗiban ruwa, sai bayan kwana biyu ta faɗi gaskiya a ƙofar mai unguwa. Wuraren labarin shida ne, rabinsa kuma zancen zuci ne. An ba mu minti 20 da 'yan wasa 10, abin da muke da shi kuwa tabarma biyu ne da benci da bokiti. Ta ina zan fara?

Tsohon malamin adabi: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da ajiye tsarin labarin gefe guda, ki tambayi kanki wuri guda da dukkan mutanen nan suke da dalilin zuwa. A ganina tsakar gidan su Hanne ne, domin almajirin yana shigowa da ruwa, uwar adashi za ta zo bin kuɗinta, ƙawar kuma tana iya leƙowa daga bakin zaure. Hanya da kantin magani da makaranta duk sun fita, abin da ya faru a can sai ya shigo a bakin mutane.

Da ni ne ba zan buɗe wasan da aiken Hanne ba, zan buɗe shi bayan kuɗin sun riga sun tafi. Fitowa ta farko ita da ƙawarta a bakin zaure suna magana ƙasa-ƙasa, ƙawar tana godiya tana cewa jikin yaron ya yi sauƙi, Hanne kuwa tana murza ƙyallen da aka ƙulla kuɗin a ciki, babu ko kwabo. Cikin minti biyu 'yan kallo sun san abin da Inna ba ta sani ba, kuma wannan sanin shi zai riƙe su har ƙarshe, domin duk lokacin da aka ambaci almajirin idonsu zai koma kan fuskar Hanne.

Zancen zucin shi ne babban aikinki. A takarda mai karatu yana shiga zuciyar yarinya kai tsaye, a dandamali kuwa sai an ba ta wanda za ta yi magana da shi, kuma wanda ya fi dacewa shi ne wanda take cutarwa. Inda labarin ya ce ta kwana tana juyi tana tunanin almajirin, ki sa ta kai masa tuwo zaure da dare a ɓoye. Misali:

HANNE: Ga tuwo, ka ci tun da zafinsa.
ALMAJIRI: Inna ta ce kada in sake taka gidan nan.
HANNE: Ba Inna ce ta aiko ni ba.
ALMAJIRI: Ke ma kin yarda ni na ɗauka?
(Hanne ta ajiye kwanon, ta juya baya, ba ta amsa ba.)

Layuka huɗu da shiru guda sun ɗauke shafi biyu na tunani. Alamar da za ki gane ko kin yi nasara ita ce ki toshe kunnenki lokacin gwaji ki kalla da ido kawai. Idan har kin gane wanda ke ɓoye wani abu ba tare da jin kalma ba, to ya zama wasa. Idan kuwa abin da kika gani yara ne a jere suna motsa baki, har yanzu labari ne ake karantawa a tsaye.

Wani ɗalibin jami'a: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ina ganin akwai hanyar da ta fi sauƙi. A sa mai ba da labari ya tsaya gefe, ya buɗe da ga ta nan ga ta nanku, ya riƙa faɗin inda ake da abin da ke ran Hanne. Da haka wuraren shida duk za su zauna, ba a taɓa rubutun yarinyar ba, kuma salo ne namu na gado da alƙalai za su yaba.

Tsohon malamin adabi: Ɗana, rabin maganarka na karɓa. Mai ba da labari yana da amfani wajen tsallake lokaci, kamar ya ce gari ya waye, kuma buɗewa irin ta tatsuniya tana sa 'yan kallo su amsa, hayaniya ta kwanta. Inda na rabu da kai shi ne ya faɗi abin da ke ran Hanne. Da zarar ya ce tana cikin damuwa, ya karɓe wa yarinyar aikinta, ita kuma sai ta tsaya tana jiran ya gama. Idan Malama za ta sa shi, kada maganarsa ta wuce minti ɗaya da rabi a duk wasan.

Wani mai ɗaukar hoto: Malama, matsalar wurare ai ba matsala ba ce yanzu. Ku ɗauki kowane wuri da waya a inda yake na gaske, kasuwa a kasuwa, kemis a kemis, sannan a haɗa. Ni zan iya taimakawa da haɗawar idan kuna kusa.

Malamar Hausa mai tambaya: Na gode ƙwarai, Malam, amma a gaban alƙalai za a yi shi kai tsaye a zauren taro, ba fim ba ne, kuma ko lasifika ba a yi mana alkawari ba.

Wata malamar makarantar 'yan mata: 'Yar'uwa, bari in ba ki abin da ya same ni, ko kya tsira daga gare shi. Na taɓa kai yara irin wannan gasa da wasa mai fitowa bakwai, kowace fitowa da kayanta, mun aro kujeru da tebur da labule. A makaranta muna gamawa cikin minti 18, domin ba mu taɓa yin gwaji da kayan ba sai ana gobe. Ranar gasa kowane sauyi ya ci kusan minti guda, 'yan kallo suka shiga hira, aka kaɗa mana ƙararrawa kafin fitowar ƙarshe. Har yau ina tuna yarinyar da ke riƙe da matsayin uwa tsaye a bayan labule da ɗankwalinta a ɗaure, tana kuka, domin ba ta samu ta faɗi layin da ta yi wata guda tana haddacewa ba.

Tun daga nan na daina auna wasa da shafuka. Ki sa yaran su karanta rubutun da ƙarfi kina riƙe da agogo, abin da ya kama ki ƙara masa kashi ɗaya cikin uku saboda shiga da fita da shiru da dariyar 'yan kallo. Ma'ana idan karatun zaune ya wuce minti 13, ki rage tun yanzu, domin a tsaye zai kai 17 ko fiye, ragowar kuwa ki bar su saboda tsautsayi. Sannan kada ki zuba ruwa a bokitin nan. Yaron ya koyi tafiyar mai ɗauke da nauyi, kafaɗa ɗaya a karkace, ya dire shi da nishi. Ruwan gaske a kan siminti santsi ne, kuma tuwon gaske yana cika baki a hana magana fita.

Tsohon malamin adabi: Malama ta faɗi gaskiya, kuma maganar bokitin ta tuna mini da tashe. Yaran da ke yin Tsoho da Gemu a watan azumi ba su da komai sai auduga a haɓa da sanda da ranƙwafawa, amma babu wanda ya taɓa tambayar wane ne wannan. Haka kayanki za su yi aiki idan kowanne ya ɗauki ma'ana. Ranar da aka kori almajirin ya kife bokitin a tsakar gida ya fita, a bar shi a kife har ƙarshen wasa, kowa yana kewaye shi, Hanne kaɗai ce ba ta iya kallonsa. Dare ba ya buƙatar a kashe fitila. A ɗaura igiyar shanya da zani biyu, idan Inna ta kwashe su ta shimfiɗa tabarma kowa ya san magariba ta yi, wani yaro kuma ya yi carar zakara daga baya idan gari ya waye. Zanin nan da ke kan igiya shi ne bangon da Hanne za ta laɓe a bayansa tana jin ana zargin yaron.

Ƙofar mai unguwa ita kaɗai ce wuri na biyu da zan bari, kuma ba sai an fita da komai ba. Yara biyu su jawo bencin tsakiya, su shimfiɗa tabarmar a gabansa, mai unguwa ya shigo da rawani ya zauna, sauran su cire takalma su durƙusa. Cire takalman nan ya isa ya sauya wurin. Tunda babu lasifika, ki ajiye ɗalibi a kujerar ƙarshe ta aji mafi girma a duk gwaji, ya ɗaga hannu duk lokacin da bai ji ba, musamman a fitowar raɗa ta farko, wadda dole ta yi kama da raɗa amma ta kai baya.

Wata uwa: Ni damuwata ƙarshen ne. Yarinyar nan ta yi ƙarya, an ci mutuncin ɗan mutane, ya kamata yaran da ke kallo su ga an hukunta ta, Inna kuma ta nemi gafarar almajirin a bainar jama'a. Ba na son a rufe da tafi kamar ba a yi komai ba.

Malamar Hausa mai tambaya: Hajiya, a labarin babu hukunci, ya tsaya ne a inda Hanne ta miƙa wa mai unguwa ƙyallen. Na karanta wa ɗalibar duk shawarwarin nan yau da safe. Ta yarda a cire makaranta da kantin magani, ta ji daɗin fitowar tuwo ƙwarai, amma ta ƙi a ƙara hukunci, ta ce kunyar da Hanne ta sha a gaban jama'a ta isa.

Tsohon malamin adabi: Neman gafarar Inna ina goyon bayansa, Hajiya, kuma ana iya yin sa ba tare da jawabi ba, ta ɗauki bokitin da hannunta ta miƙa wa yaron. Ko ya karɓa ko ya ƙi, wannan ku gwada duka biyun a gaban wani aji ku ga wanda ya fi sa su yin tsit.

Wata uwa: Ni dai har yanzu ina ganin sai an ji ta da baki, Malam, domin da baki aka zarge shi.