Furoton a filin maganaɗisu: radiyus ɗina ya ninka na malami

Ɗan aji ɗaya: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min. Furoton mai gudun 2×10⁵ m/s ya shiga filin maganaɗisu bai-ɗaya, B = 0.1 T, kusurwarsa da filin digiri 30. Ana neman radiyus da fic. Na saka r = mv/qB na samu 2.09 cm, amsar malami kuwa 1.04 cm. Fic ɗin ma ban san ta inda zan kamo shi ba.

Ɗan Gwale: Wa alaikassalam. Gudun gaba ɗaya ka zuba, shi ya sa. Ka ninka shi da sin 30°, rabi ke nan, 1.04 zai fito. Fic kuwa ai kewayen da'irar ne, 2πr, wajen 6.6 cm.

Malama Uwani: Ɗan Gwale, maganarka ta farko daidai ce, ta biyun a sake lale. Ƙanena, fara raba gudun gida biyu. Kason da ya gitta filin shi ne v sin 30° = 1×10⁵ m/s. Wanda ke bin filin a tsaye shi ne v cos 30° = 1.73×10⁵ m/s. Maganaɗisu ba ruwansa da kaso na biyun, don ƙarfinsa qvB sin θ ne, abin da ke tafiya layi ɗaya da filin ko taɓa shi ba ya yi. Na farkon kaɗai yake lanƙwasawa ya zama da'ira. To ga zagaye, ga kuma tafiya gaba a lokaci guda, sai hanyar ta fito a murɗe kamar sifirin cikin biro.

Radiyus na kason da ke zagaye ne:

r = m v sin θ / qB = (1.67×10⁻²⁷ × 1×10⁵) / (1.6×10⁻¹⁹ × 0.1) = 0.0104 m

Fic kuwa nisan da furoton ya ci gaba ne tare da filin kafin ya gama zagaye ɗaya. Don haka sai ka san tsawon lokacin zagayen:

T = 2πm / qB = 6.56×10⁻⁷ s

Duba da kyau, babu v a ciki. Mai sauri babbar da'ira yake yi, mai nawa ƙarama, amma tare suke kammalawa. Yanzu ninka da gudun gaban: 1.732×10⁵ × 6.56×10⁻⁷ = 0.114 m, wato 11.4 cm.

Ɗan Gwale: Malama, amma wallahi na taɓa yin 2πr a wata tambaya aka ba ni maki.

Malama Uwani: Ina kyautata zaton kusurwarta 45 ce, inda sin da cos suke kunnen doki. In ka raba fic da radiyus, m da q da B da v duk ficewa suke, saura 2π/tan θ. Da wannan nake gwada amsa kafin in miƙa takarda. A digiri 30 yana ba da kusan 10.9, kuma 11.4 a raba da 1.04 nan ya faɗa. Naka 6.6 sau shida da 'yan kai ne kawai.

Injiniya: Ni ba a nan aka kayar da ni ba. Kalkuletata tana kan RAD, sin 30 ya ba ni −0.988, radiyus ya fito da alamar ragi. Duk wanda ya ga haka ya mayar da ita DEG.

Auta: Tambaya, a wane zagaye ake auna radiyus ɗin? Hotunan da na gani layin yana ta ƙanƙancewa ne har ya shige tsakiya.

Malama Uwani: Auta, waɗannan a cikin ruwa ko iska aka ɗauke su, ƙwayar tana karo da atam tana rasa kuzari. A nan ba abin da take karo da shi, kuma ƙarfin maganaɗisu kullum a gicciye yake da tafiyarta, ba ya ƙara mata gudu, ba ya ragewa. Zagaye na ɗari da na farko faɗinsu ɗaya.

Ɗan aji ɗaya: Allah ya saka da alheri, Malama, 11.4 ya fito. Sai dai sashe na biyu ya ce a maimaita da ilektaron mai gudun 2×10⁸ m/s. Nauyin kawai zan canza zuwa 9.11×10⁻³¹ kg?

Injiniya: Shi ke nan, sai dai zai juya ta ɗaya hannun tunda cajinsa kishiya ne. Haka aka karɓa mana a aji ɗaya.

Malama Uwani: Ban yarda ba. Wannan gudun kashi biyu cikin uku ne na gudun haske, γ, ninkin gyaran da ake sakawa in gudu ya kusanci na haske, ya kai 1.34, radiyus da fic duka za su ƙaru da wannan ninkin. Ko malaminku yana son a saka shi, ya danganta da inda kuka kai a darasi. Ka duba takardar, 10⁸ aka rubuta ko 10⁶? In 10⁶ ne, bi maganar Injiniya.