Neman kalma: me za mu kira wurin da igiyar sauti ke ƙetare layin sifiri?

Mai gyaran sauti, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa yaran shago bayanin yadda ake yanke rikodin, sai na tsaya a kan abin da manhajar Audacity ke kira `At Zero Crossings`. Aikin da ke gabanmu karatu ne na awa biyu, ana so a cire daga minti 47 da daƙiƙa 10 zuwa minti 51 da daƙiƙa 30, inda aka yi sanarwar ɗaurin aure. Idan aka yanke kai tsaye, sai a ji "ƙas" a wurin haɗin. Idan aka danna `Z`, maɓallin wannan umarni, kafin `Delete`, yawanci ba a ji. Na rubuta "gaɓar shiru". Ya yi?

Injiniya, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Malam, cire "shiru" ɗin nan, zai ɓatar da yaran. Ba shiru ake nufi ba. Mutum yana tsakiyar ɗaga murya ma, igiyar tana hawa sama da layin tsakiya tana sauka ƙasa da shi, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Duk lokacin da ta ratsa layin, darajarta sifiri ce, alhali kunne bai ji shirun komai ba.

Ga inda ƙas ɗin ke fitowa. A rikodin mai `44100 Hz`, kowace daƙiƙa ɗigo 44,100 ce, kuma ɗigo ba ya nisa sosai da na kusa da shi. A ce yankanka na farko ya faɗa inda igiyar take a 0.4 sama da layi, na biyu kuma inda take a 0.3 ƙasa da layi. Da ka haɗa bakin biyu, an yi tsallen 0.7 tsakanin ɗigo ɗaya da mai bi masa. Fatar lasifika tana waje, sai a fizgo ta ciki farat ɗaya. Fizgar nan ita ce ƙas. Idan bakin biyu duk suna kan sifiri, babu tsalle. Ni "maƙetarar sifiri" zan ce, tunda wuri muke nufi, kamar mashaya da mahauta.

Ɗalibi, Rigasa: To Yallaɓai, ai da sauƙi. A nemi inda malamin ya ja numfashi a yanke, can ai komai sifiri ne. Sai a ce masa "numfasawa".

Injiniya, Unguwar Rimi: Rabin maganarka daidai ce. A numfashi ya kamata a yanke, domin igiyar ƙarama ce a wurin, ko an yi tsalle ba zai yi girma ba. Amma ba sifiri ba ne. Akwai fanka, akwai janareta, akwai gurnanin wuta. Wutarmu `50 Hz` ce, wato zagaye guda yana cin milisakan 20, ɗigo 882 ke nan. Ka yanke gurnanin nan a ƙoƙuwarsa, za ka ji "ɗif" a tsakiyar shirun, kuma a shiru ya fi fitowa fili don babu muryar da za ta rufe shi. Saboda haka abu biyu ne: kunne ya zaɓi numfashin, sannan `Z` ya gusar da bakin zaɓin kaɗan zuwa maƙetara.

Hajiya, malamar Hausa, Kawo: "Maƙetara" ginin kalma ne mai kyau, ba ni da ja. Sai dai tana da nauyi a baki, kuma Bahaushe in ya ji ta, rafi zai tuna. "Tsallaken sifiri" kuwa kada ma a kawo shi, don tsallakewa na nufin ba a taɓa abin ba. Ni "gaɓa" ɗin Malam ta fi kwanta mini. Mahauci a gaɓa yake sa wuƙa don kada ƙashi ya farfashe, mai rake ma haka. A bar gaɓa, a sauya shiru da sifiri: "gaɓar sifiri".

Mai gyaran sauti, Tudun Wada: Hajiya, wannan ta zauna. "Yanke a gaɓa" ma ya isa umarni. Amma Injiniya, akwai fayil ɗin da ake danna `Z` kuma ƙas ɗin yana nan a kunnen hagu.

Injiniya, Unguwar Rimi: Sitiriyo ne. Hagu da dama igiya biyu ne, kowace da inda take ratsa layi, ba lalle su yi daidai ba. Manhajar sai ta ɗauki wurin da ya fi kusa ga duka biyun, wanda wani lokaci bai yi wa ko ɗaya daidai ba. Idan murya ce kawai da makirfo ɗaya, mayar da shi layi guda tun farko:

```
Tracks > Mix > Mix Stereo Down to Mono
```

Wani dalilin kuma, duba ko igiyar gaba ɗaya ta ɗage daga layin tsakiya. Na'urorin ɗauka masu araha kan yi haka. Za ka gane idan ka zuƙo wurin shiru da `Ctrl+1`, ka ga zanen yana kwance sama da layi ko ƙasa da shi. A nan sifirin allo ba shi ne tsakiyar igiyar ba. A `Normalize` akwai `Remove DC offset`, a yi shi a kan fayil ɗin gaba ɗaya kafin a fara yanka.

Sai alkibla. Idan igiyar tana hawa ta iso sifiri, sai ka haɗa ta da wadda ke sauka daga sifiri, babu tsalle amma akwai ƙusurwa mai tsini, kuma a sauti mai kauri ana jin ta. Mai hawa da mai hawa ake haɗawa. Kafin ka goge komai, danna `C` ka ji yadda haɗin zai kasance.

Baba, tsohon ma'aikacin rediyo: Yara, zamanin tef da reza babu mai ganin igiya, balle sifiri. A karkace ake yanka, digiri 45. Tef mai faɗin rubu'in inci, yana gudun inci 15 a daƙiƙa, karkacen nan yana ba da kusan milisakan 17 da tsohon sauti ke raguwa sabon yana shigowa. Shi ya sa ba a jin ƙas. Abin da kuke yi da `Crossfade Clips` ke nan, kuma milisakan 10 ya wadatar ga magana. Ga sitiriyo ko kiɗa, ya fi farautar gaɓa. Shi ma ku nemo masa suna, ni dai "saje" zan ce.

Ɗalibi, Rigasa: Baba, saje ai gashin fuska za a ɗauka. Tambayata daban: ni a waya nake yanke MP3 ba tare da an sake matse shi ba, ina zan danna `Z`?

Injiniya, Unguwar Rimi: Babu. MP3 ƙunshi-ƙunshi ne, kowane ƙunshi ɗigo 1,152, kusan milisakan 26 a `44100 Hz`. Mai yanka ba tare da warwarewa ba a bakin ƙunshi kawai yake iya tsayawa, ko gaɓa ce ko ba gaɓa ba. Sai dai ka zaɓi wurin da ya fi shiru ka saurara. In kana son gaɓa sosai, sai an warware, an yanke, an sake matsewa, kuma inganci yana ɗan raguwa. In akwai WAV na asali, a kansa ake aiki.

Game da suna, har yanzu ina da ƙorafi a kan "gaɓa". Masu nahawu sun riga sun ɗauke ta, gaɓar kalma. A aikin da ake yanke magana, ka ce wa yaro "yanke a gaɓa", zai iya zaton tsakanin "ka" da "ra" na "karatu" kake nufi.

Hajiya, malamar Hausa, Kawo: Wannan ƙorafin gaskiya ne. To kada a gajarta ta a rubutu, kullum a cika, "gaɓar sifiri".

Mai gyaran sauti, Tudun Wada: Na sa "gaɓar sifiri" a takardar, na kawo "maƙetara" a jimlar da ke bayyana ta. Ƙas ya zauna a ƙas, mai kaurin kuma ɗif. Na Baba ne ya rage, na rubuta "narkewa" da fensir tukuna.

Baba, tsohon ma'aikacin rediyo: Narkewa ta man shanu ce. Ku sake lale.