Jini ya ƙi tsayawa bayan rabuwar mabiyiya

Salamu alaikum likitoci. Ina aiki a ƙaramin asibiti. An kawo mana mai ciki wata takwas, mabiyiya ta rabu da mahaifa, ɗan ya koma. Bayan ta haihu mahaifa ta tsuke sosai, babu yagewa, amma jini na ta zuba tsararo, har dasashi da gurbin allura suna tsattsafowa.

Na zuba jininta mil 2 a kwalbar gwaji, na damƙe a hannu. Minti 7 bai daskare ba, shi ya sa nake zargin DIC. Mun ba ta oksitosin, tiranekzamik asid giram 1 sau biyu, da jini leda 2 daga firji. Har yanzu shiru. Filasma kuwa ba mu da ita.

Sabon jinin da aka ɗiba yanzu daga 'yan uwanta zai iya maye gurbin filasma kafin mu tura ta babban asibiti?