Awa nawa zan ware wa tafiyar ƙafa zuwa ƙauye a kan tsaunin Mambila?

Usaini: Assalamu alaikum 'yan uwa. An turo ni aikin rigakafi Gembu. Ranar Talata mu huɗu za mu wani ƙauye da babur ba ya shiga. Taswirar waya ta nuna kilomita 8 daga inda za a sauke mu, a gangara kwari kamar mita 250, a ƙetare rafi, a hau kamar mita 450. Ina ɗauke da akwatin allura, aikin kuma awa 3 ne. Ɗan jagora ya ce tafiyar awa biyu ce. Mu yarda mu je mu dawo a yini ɗaya?

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi. Mutum lafiyayye yana cin kilomita 5 a awa, ka ga 8 bai kai awa biyu ba. Tudun ma 450 ka cire 250, saura 200, wannan ai minti ashirin ne. Ɗan jagoranku ya yi gaskiya. Ku tashi ƙarfe takwas, kafin La'asar kuna gida.

Malam Sabo: Ɗanlami, ba a cire gangara daga hawa. Ƙafa ba ta san bashi da biya ba. Mita 450 ɗin nan sai sun taka ta duka, gangarar da suka yi da farko ba ta rage musu ko taku ɗaya. Usaini, kafin in ce komai, kilomita 8 ɗin nan ta yaya ka same ta? Ka bi lanƙwasar hanya da yatsa ne, ko layi ka ja daga wuri zuwa wuri?

Usaini: Layi na ja, Malam. Hanyar ba ta fito a taswirar ba.

Malam Sabo: To ka ga inda gizo ke saƙar. Wannan awon tsuntsu ne. Na yi shekaru ina aikin safiyo, ban taɓa ganin turbar dutse da ta miƙe ba, kullum tana kewaya kwazazzabo, tana maciji a jikin tudu. Ni a irin wannan ƙasa nakan ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan awon layi. Mu ɗauka kilomita 10 ke gabanka.

Lissafin da muke amfani da shi tsoho ne. Wani ɗan Sikotlan mai hawan duwatsu, William Naismith, ya kawo shi a 1892: awa ɗaya ga kowace mil 3, wato kusan kilomita 5, sannan ƙarin awa ɗaya ga kowane hawan ƙafa 2,000, kusan mita 600. A sauƙaƙe, duk mita 100 da ka hau, ka ƙara minti 10. Rabin maganar Ɗanlami daga nan ta fito, kuma ba ƙarya ba ce. Sai dai wannan lissafin na mutum mai ƙarfi ne, a hanya mai kyau, ba nauyi, ba tsayawa. Ku kuwa ayari ne, da kaya, a turbar shanu. Saboda haka ni kilomita 4 a awa zan ba ku.

Ga zuwa. Kilomita 10 a kan 4 a awa, awa 2 da rabi ke nan. Hawan mita 450 ya ƙara minti 45, mun kai awa 3 da minti 15. Sai gangarar. Mutane suna ɗauka gangara kyauta ce. In mai sauƙi ce, irin wadda kake tafiya hannu a aljihu, gaskiya tana ƙara sauri. Amma in ta yi tsaye har kana saukowa a karkace kana kama ciyawa, tana cin lokaci, ana ƙara kamar minti 10 a duk mita 300. Bakin kwari galibi irin na biyun ne, don haka na sa minti 10. Hutu minti 10 bayan kowace awa, sau uku, rabin awa. Rafi kuma, a cire takalmi, a naɗe wando, a miƙa kaya, a shanya ƙafa, mutum huɗu ba za su gama ƙasa da minti 15 ba. In ka tara, awa 4 da minti 10.

Dawowa kuma lissafinta daban, domin abin da kuka hau shi za ku sauko, abin da kuka sauko shi za ku hau. Awa 2 da rabi na nisa, minti 25 na hawan mita 250, minti 15 na gangarar mita 450, hutu rabin awa, rafi minti 15. Awa 3 da minti 55, kuma ban sa gajiya ba. Ka lura hawan nan na ƙarshe yana jiran ku ne a lokacin da ƙafa ta riga ta mutu.

Tafiya awa 8 da 'yan mintoci, aiki awa 3, ya zama awa 11. In kun fara taka ƙasa ƙarfe 6:30, za ku dawo bakin titi wajen 5:35 na yamma, in babu abin da ya faru ko kaɗan. Kai ma ka san ba a yin aikin ƙauye ba a gaisa da mai gari ba, ga sallar Azahar, ga abinci.

Baba Sajan: Malam Sabo ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara a kan hutu, don nan yara suke ɓata tafiya. A soja minti 50 muke tafiya mu huta 10, ko ka gaji ko ba ka gaji ba, kuma da agogo. Wanda ya ce bari in yi ta tafiya sai na gaji, in ya zauna ba ya tashi sai bayan rabin awa, cinyoyi sun sandare. Ka sauke kaya, ka sha ruwa, ka gyara igiyar takalmi, minti goma na cika ka miƙe. Kuma mai jinkirin cikinku ku sa shi gaba. In yana baya, na gaba za su riƙa jiransa suna hutawa, yana isowa su tashi, shi bai huta ba ko sau ɗaya. Haka ake kashe mutum a hanya.

Garba Mai Acaɓa: Oga wace wahala ce wannan? Ka nemi yaran da suka san hanya su kai ka da mashin, minti arba'in kun isa. Babu inda mashin ba ya shiga sai in mai tuƙin ne bai iya ba.

Usaini: Garba, su yaran ne da kansu suka ce iyakarsu bakin kwarin.

Hajiya Talatu: Ɗana Usaini, ni na yi wannan aikin shekara da shekaru, bari in ba ka nawa. Wata rana aka ce mana rugar nan kusa ce, har ana nuna mana rufin bukkoki da baki. Wallahi muna ganinsu ƙuru-ƙuru a ɗaya gefen kwarin, har farar saniya ina iya ƙirgawa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Tun hantsi muke tafe, sai bayan Azahar muka isa, matan duk sun tafi tallan nono, yara biyar kawai muka samu.

Ɗan jagoranku ba ƙarya ya yi maka ba. Shi awa biyun yake yi, don a kan tudun aka haife shi, da sandarsa kawai, ba ya tsayawa. Ni tun daga ranar na daina tambayar awa nawa. Nakan ce, in mace mai goyo ta tashi bayan Asuba da ƙwarya a ka, yaushe take isa kasuwa? In aka ce hantsi, na san namu sai rana ta take. Abin da ɗan gari ya faɗa, ninka shi biyu nake yi, kuma ka ga ya zo daidai da awa huɗun Malam Sabo.

Kayan kuma, akwatin allurar nan mai maɗauri ɗaya shi ne ke karya mutum, yana bugun ƙugu, kana ta sauya kafaɗa. Ni gammo nake yi in ɗora a ka.

Malam Sabo: Hajiya, a fili na yarda da gammo. A gangara mai santsi ban yarda ba, don mutum yana buƙatar ya duba ƙasa, hannu ɗaya kuma a kan sanda. Gara ya zura akwatin cikin jakar goyo ya ɗaure sosai a baya. Usaini, ka hau sikelin asibiti da kayan, ka sauka ka hau babu su. In nauyin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na jikinka ba, misali kilo 12 ga mai kilo 60, kilomita 4 ɗin da na ba ka tana nan. In ya wuce, ka koma 3 da rabi, wannan kaɗai zai ƙara maka fiye da minti 20 a kowace tafiya. Kada ka manta ruwa, kowace lita kilo guda ce.

Hajiya Talatu: Matan can da buhun masara a ka suke gangarowa, ban ga wadda ta faɗi ba.

Baba Sajan: Su ne, Hajiya. Wannan yaron daga Kano ya zo, tudun da ya sani Goron Dutse.

Ɗanlami: To na janye maganar cirewa. Amma har yanzu ina ganin kun tsorata shi. Samari ne, hutun rabin awa da minti goma-goman nan duk za su iya matse su.

Malam Sabo: Mai yiwuwa, kuma hanyar ce za ta raba gardama. Usaini, ka duba agogo lokacin da kuka bar babur, ka sake dubawa a bakin rafi. Tun yanzu ka auna a taswira rafin yana kashi nawa na tafiyar. In lissafi ya ce ku iso shi cikin awa ɗaya kuka iso cikin awa da kwata, to kun fi lissafin nawa da kashi ɗaya cikin huɗu, sai ka ƙara wannan a kan duk abin da ya rage, awa 8 ta zama 10. A nan za ka san ko yinin zai ɗauke ku, tun da sauran dabara.

Sannan ka yi lissafi daga baya. A can rana tana faɗuwa wajen 6:30, kuma ba a rabin awa duhu ya rufe. Kana so ka kasance bakin titi 5:30. Cire awa 4, ka ga dole ku bar ƙauyen 1:30, ko an gama ko ba a gama ba. In kun isa 10:40, abin da ke hannunku bai cika awa 3 ba, da gaisuwa da salla a ciki. Ga damina, a Mambila ruwa yakan sauko da rana ko yamma, jar ƙasar ta zama sabulu, rafin da kuka ƙetare iya gwiwa da safe ya kai ƙugu. Ranar da aka yi haka, lissafina duka ka jefar. Ni da ni ne, zan tafi da shirin kwana, in dawo da sanyin safiya.

Usaini: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kwana zai yi wuya, akwai mace a cikinmu, kuma ana son ragowar allura ta koma firji a ranar. Zan gwada roƙon masu babur su sauke mu ƙarfe shida, in aika wa mai gari tun Litinin a tara yara wuri ɗaya.

Hajiya Talatu: Aika ɗin shi ne babba, zai rage maka awa guda ta bin gida-gida. Amma ka sa tocila biyu da bargo a jaka, ka kuma tambayi ɗan jagoran ko akwai ruga tsakanin rafin da titi.